Siminti Mai Gudaji: Wanne Za A Yi Aiki Da Shi, Wanne Za A Zubar?

Gaisuwa ga masu bin wannan shiri a Katsina da Maraɗi, da Illela da Birnin Ƙonni, da Daura da Damagaram, da duk inda muryarmu take kaiwa. Yau maganarmu a kan buhun siminti ce, wanda aka saya da tsada aka jibge a wurin gini, aka dawo bayan wata biyu ko uku aka tarar ya yi gudaji. A nan ne gardama take tashi tsakanin mai gida da magini. Mai gida yana kallon kuɗinsa yana cewa a daka a yi aiki da shi haka nan, magini kuma yana cewa a sayo sabo. Kowannensu yana iya yin gaskiya, domin gudajin siminti iri biyu ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Abin da muke so ka tashi da shi yau shi ne yadda za ka bambance su da hannunka, da kuma yadda za ka ajiye kayanka tun farko don kada ma a kai ga gardamar.

Bari mu fara da abin da yake faruwa a cikin buhun. Mutane da yawa suna ɗauka siminti bushewa yake yi kamar yadda laka take bushewa a rana. To ba haka ba ne. Laka idan ta bushe ka zuba mata ruwa, sai ta sake laushi ka sake kwaɓa ta. Shi siminti idan ya haɗu da ruwa, ƙwayoyin garin ne suke shanye ruwan su rikiɗe su zama wani abu daban, su sarƙe da juna su zama dutse. Wannan rikiɗa sau ɗaya take faruwa. Ƙwayar da ta riga ta sha ruwa ta kama, ta gama aikinta ke nan har abada. Ko ka daka ta a turmi ta koma gari lilis, ba za ta sake kama komai ba, matsayinta ɗaya da ƙura.

Kuma ba sai ruwan sama ya doki buhu ba. Ruwan da buhu ɗaya mai kilo 50 yake bukata don wannan rikiɗa bai wuce kamar lita 12 ba, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Wannan don ya kama gaba ɗaya ke nan. Don ya fara lalacewa kuwa, ɗan kaɗan daga cikin wannan ya isa, kuma iskar damina tana ɗauke da shi. Siminti yana zuƙar laima daga iska kamar yadda gishiri yake yi a watan Agusta. Buhun takarda ne ko na saƙar leda, duk ba su toshe iska gaba ɗaya ba, akwai wurin ɗinki da bakin da aka ɗura garin ta nan. Saboda haka laima tana fara shiga ta kusurwoyi da gefen buhu, ta ci gaba zuwa tsakiya sannu a hankali. Shi ya sa idan za ka duba buhu, kusurwa ake fara matsawa.

Ta ina laimar take zuwa a wurin gini? Hanya ta farko ƙasa ce. Ko da ka ga ƙasa ta bushe a ido, tana fitar da danshi daga ciki, kuma daɓen siminti ma yana tsotso ruwa daga ƙasa ya miƙa wa abin da aka ɗora masa. Hanya ta biyu bango ne, musamman bangon bulo da ba a yi wa shafe ba, wanda ruwan sama yake dukansa ta waje. Ta uku rufin kwano, wanda yake yin zufa da asuba ya riƙa ɗigo ko da babu huda a jikinsa. Ta huɗu kuma ita ce ta fi yaudarar mutane: ɗakin da aka gama yi wa daɓe ko shafe makon jiya. Mai gida yana ganin sabon ɗaki ne mai tsabta, sai ya ce a shigar da siminti ciki. Alhali kuwa wannan ɗaki zai yi makonni yana fitar da ruwan da aka yi aikinsa da shi, kuma buhunan ne za su shanye.

To yaya ake ajiya? Mu ɗauki misali. A ce kana gina gida mai ɗaki uku, ka samu kuɗi a watan Afrilu, ka sayi buhu 100 don gudun kada farashi ya tashi. Buhu 20 ne tan ɗaya, ka ga kana da tan 5 ke nan, nauyin ba na wasa ba ne. Abu na farko shi ne dandamali. A jera bulo a ƙasa, a shimfiɗa falankai masu kauri a kai, yadda buhun ƙasa zai yi nisan santimita 15 zuwa 20 da daɓe, wato kamar taƙi ɗaya. A sa bulo kusa da kusa a ƙarƙashin katakon don kada ya lanƙwashe ya taɓa ƙasa a tsakiya. Sannan a shimfiɗa leda mai kauri a kan katakon kafin a ɗora buhu na farko.

Kada tsayin jeri ya wuce buhu 10. Buhu 100 ya ba ka jeri 10 ke nan. Idan ka yi layi biyu, kowane layi jeri biyar, wurin da za su ci bai wuce kamar mita biyu da kwata a tsawo da mita ɗaya da rabi a faɗi ba. A bar tazarar rabin mita tsakanin buhuna da kowane bango, yadda mutum zai iya zagayawa ya duba. Ka ga ɗaki mai mita uku da rabi a tsawo da mita uku a faɗi ya ɗauke su har da sarari. Idan jerin ya haura buhu bakwai ko takwas, a riƙa sarƙa su kamar ginin bulo, wannan sahu a tsaye wancan a gicciye, don kada su rufto wa lebura ko yaro.

Ga wani wuri da ake kuskure. Mun saba da ajiyar albasa da hatsi, inda ake son iska ta riƙa ratsawa. Siminti akasin haka yake so. A matse buhunan da juna sosai, kada a bar rata a tsakaninsu, a rufe taga da ƙofa, a toshe ramukan da ba a sa wa taga ba tukuna. Duk iskar da ta ratsa ta cikinsu a damina, ruwa ta kawo musu. Bayan an jera, a lulluɓe su da tamfol ko leda tun daga sama har gefe. Amma ka lura, lulluɓi ba tare da dandamali da ledar ƙasa ba yana da nasa haɗari. Idan ka jibge buhuna a kan ƙasa ka rufe su ruf da leda, rana za ta dumama ƙasar, tururi ya tashi ya rasa hanyar fita, da dare ya zama raɓa a cikin ledar ya sauko kan simintin. Mutum yana ganin ya yi rigakafi, ashe tukunyar turara ya haɗa.

Idan babu ɗaki sai fili, a zaɓi tudu inda ruwa ba ya kwanciya, a ɗaga dandamalin ya fi na cikin ɗaki, a yi saman jerin da tozo don ruwa ya gangare, a danne bakin tamfol da bulo saboda iskar hadari. Wannan ajiya ce ta kwanaki ko 'yan makonni, ba ta watanni ba. Buhun da aka buɗe aka rage kuwa, a zuba ragowar a ledar da ba ta huje ba a ɗaure baki, a fara da shi washegari.

Sai maganar lokaci. Ko an yi ajiya mai kyau, siminti yana raguwa da ƙarfi idan ya daɗe. Ƙiyasin da aka saba koyar da masu koyon aikin gini shi ne, a ajiya irin ta yau da kullum ana iya rasa kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙarfinsa a wata uku, kusan kashi 30 a wata shida. A lokacin hunturu, da iska take a bushe ƙayau, asarar takan yi ƙasa da haka, a tsakiyar damina kuma tana iya fin haka. Shi ya sa aka ɗauki wata uku a matsayin iyaka: simintin da ya wuce nan, a gwada shi kafin a sa shi a muhimmin aiki. Kuma lissafin daga ranar da aka ɗura shi a masana'anta yake farawa. Buhun da ya taso daga Sakkwato ko Ashaka ko Obajana ko Malbaza, ya kwana a mota, ya zauna a shagon dila, wataƙila ya jira a bakin iyaka, ya riga ya ci wani abu daga kwanakinsa kafin ya iso hannunka. Idan akwai kwanan wata a jikin buhun, ka duba. Ka kuma rubuta ranar da kowace mota ta sauke da alli ko gawayi, a riƙa cin tsohon kaya kafin sabo. Lebura na kusa da ƙofa yake ɗauka, don haka kada a tare tsoho da sabo.

Yanzu mu koma ga buhunanmu 100. A ce kuɗi sun yanke, aiki ya tsaya, ba a dawo ba sai ƙarshen Agusta. An yaye tamfol, an ga wasu buhuna sun yi tauri. Kada ka yanke hukunci da ido. A sauke su ɗaya bayan ɗaya a kasa su kashi uku.

Kashi na farko su ne waɗanda nauyi ya danne. Galibi na ƙasan jeri ne, sun kwanta sun yi faɗi sun yi tauri kamar allo. Wannan taurin na matsi ne kawai, iskar da ke tsakanin ƙwayoyin garin ce ta fita. Ka mirgina buhun a kan katako sau biyu ko uku, ko ka ɗaga shi kaɗan ka sake shi. Idan ya saki ya koma laushi, ka buɗe ka cusa hannu. Lafiyayyen siminti yana da sanyi a hannu, yana da santsi tsakanin yatsu kamar garin fulawa. Gudajin da ka samu a ciki, ka matsa shi tsakanin babban yatsa da manuni. Idan ya wargaje nan take ya koma gari ba tare da ya bar tsaki ba, to wannan siminti yana da rai, ana iya aiki da shi. Abin da ya rage a kansa shi ne maganar daɗewa, tunda ya haura wata huɗu, kuma za mu zo kan gwajinta.

Kashi na biyu su ne masu gauraye. Mafi yawan buhun gari ne, amma a kusurwa ko a gefen da ya kalli bango akwai gudaji masu tauri, waɗanda yatsa ba ya fasawa sai an buga da dutse ko guduma. Wasu kuma suna fashewa da ƙyar, amma sai ka ji tsaki kamar yashi a hannunka. Wannan aikin laima ne. Abin yi shi ne a tankaɗe. A samu ragar waya mai ƙananan ido irin ta taga, a kafa ta a katako, a riƙa zuba simintin ana girgizawa a hankali. Kada a goga gudajin a jikin ragar don a tilasta masa wucewa, domin wannan daka ce ta bayan gida. Mai tankaɗen ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu, don ƙurar siminti tana cin fata da ido. Abin da ya tsaya a kan raga a ware shi gefe, ba siminti ba ne kuma.

Yawan abin da ya tsaya shi zai gaya maka halin sauran. Idan cikin tafi ɗaya ko biyu ne daga buhu guda, ɓarnar kaɗan ce. Idan kuwa ya kai cikin kwanon awo biyu ko uku, ka san laima ta shiga buhun sosai, kuma garin da ya wuce ragar ma ya sha nasa rabon ko da bai dunƙule ba. Irin wannan gari yakan yi jinkirin kamawa, kuma ba ya kai ƙarfin da aka rubuta a buhu. Lambar nan da kake gani, 32.5 ko 42.5, tana nuna ƙarfin da simintin zai kai bayan kwana 28 idan lafiyayye ne. Buhun da ya sha laima lambar tana nan a jikinsa, amma abin da ke ciki ya sauka daga kanta.

Kashi na uku su ne waɗanda suka zama dutse, ko rabinsu ko dukkansu, har da siffar buhun. Waɗannan aikin gama ya gama. Amfaninsu ɗaya, a farfasa su a yi ciko da su a ƙarƙashin daɓe ko a cike rami a hanya. Kada a shanya su a rana da fatan za su dawo, rana ba ta fitar da ruwan da ya riga ya shiga jikin siminti. Kuma kada a yarda a daka su a gauraya da sabo, domin ka lalata mai kyau ne da matacce. A nan ma mai saye ya yi hattara: idan aka kawo maka siminti mai araha fiye da kima, buhun da alamar an sake ɗinke shi, garin kuma yana da tsaki a hannu, ka bar shi. Araha ba ta ado.

To, garin da aka tankaɗe, a ina za a sa shi? Ga iyakar da ba a ƙetarewa. Duk abin da zai ɗauki nauyi ko aka sa masa rodi, wato harsashi mai ƙarfe, da ginshiƙi, da linta, da bim, da dakin, da matakala, da murfin shadda, da tankin ruwa, sabon siminti kaɗai ake sa musu. Dalili kuwa shi ne, idan kankare ya yi rauni ba ya nunawa ranar da aka zuba shi. Sai an cire katakon da ya tallafe shi, ko an ɗora bene, ko bayan shekaru ruwa ya ratsa shi ya cinye rodin da tsatsa. A lokacin akwai mutane a ƙarƙashinsa. Kuɗin buhu goma ba su kai ran mutum ɗaya ba, ba su ma kai kuɗin rushewa da sake zubawa ba.

Inda za a iya amfani da shi shi ne aikin da ko ya yi rauni gyara ne kawai: siririn kankaren da ake shimfiɗawa a gindin rami kafin a jera rodi, daɓen tsakar gida, dakalin ƙofar gida, gajeriyar katangar lambu, ko cike ramuka a bango. Ko a nan ɗin a ƙara masa yawa. Idan kwaɓin da aka saba kwano ɗaya na siminti ne da kwano shida na yashi, a mayar da shi ɗaya da biyar. Wannan ƙari yana rufe ƙaramin rauni a ƙaramin aiki. Ba ya mayar da tsohon siminti ya cancanci dakin, domin ba ka da ma'aunin sanin nawa ya rasa.

Akwai gwaji mai sauƙi da za ka yi a wurin ginin, kuma shi ya kamata a yi wa kashi na farko da na biyu duka. Ka sayi sabon buhu ɗaya don kwatance. Ka auna gwangwani ɗaya na sabon siminti da gwangwani uku na yashi mai tsabta, ka kwaɓa. Ka yi daidai haka da tsohon, da yashi iri ɗaya da ruwa daidai wa daida, domin idan ruwan ya bambanta gwajin ya tashi a banza. Ka dandaƙa kowane kwaɓi a cikin gwangwanaye uku masu girma ɗaya, ka sa musu alama, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Washegari ka danna da farce. Sabon zai yi tauri. Idan tsohon har yanzu yana lotsawa, ka ga alama ta farko. Daga nan ka nutsa su cikin bokitin ruwa har kwana bakwai, lokacin da lafiyayyen siminti ya kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa. Ka fito da su ka yanke gwangwanin, ka karce kowanne da ƙusa, ka buga da guduma da ƙarfi iri ɗaya. Idan tsohon yana zubar da yashi, ko gefensa yana marmashewa a hannu, ko ya fashe tun kafin sabon ya nuna alama, to ka san matsayinsa.

Wannan gwaji yana kama siminti da ya lalace sosai, amma ba ya auna ƙaramar raguwa. Saboda haka idan buhuna masu yawa ne suka wuce wata uku, kuma ana so a sa na kashi na farko a ginshiƙi ko dakin, sai a nemi injiniya ya sa a zuba samfurin kankare a kai ɗakin gwaji, irin na jami'a ko kwalejin fasaha ko ma'aikatar ayyuka, a matse shi da na'ura a kwana 7 da kwana 28. Idan babu halin yin haka, a karkatar da tsohon zuwa ginin bulo da shafe, a sayo sabo don zubin kankare.

A misalin namu, a ce an samu buhu 80 a kashi na farko, 15 a na biyu, 5 a na uku. Biyar sun tafi ciko. Sha biyar ɗin bayan tankaɗe wataƙila su ba ka abin da ya kai buhu 13, su tafi daɓe da dakali. Tamanin ɗin su ci gaba da ginin bango da shafe bayan gwajin kwana bakwai. Dakin kuma a jira sabon kaya. Ka lissafa da kanka, da naira ko da sefa: idan abin da ka tsira da shi ta sayen wuri bai kai kuɗin buhu bakwai da ladan mai tankaɗe ba, to sayen wurin bai biya ba. Shi ya sa wanda zai tara kayan gini kafin damina gara ya tara yashi da tsakuwa da bulo, ya bar siminti sai aiki ya zo, ya riƙa sayen abin da zai ƙare cikin mako biyu zuwa huɗu.

Kafin mu rufe, malam mai gini, idan kana da siminti a ajiye yanzu haka, gobe da safe ka je ka cusa hannu a ƙarƙashin buhun ƙasa da kuma bayan wanda ya fi kusa da bango, ka matsa kusurwoyinsu. Idan ka ji danshi ko tauri, a ranar za a sauke a yi dandamali, kada a jira magini ya dawo. A nan za mu dakata. Allah ya sa a gama gini lafiya, a shiga lafiya. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, a huta lafiya.